Yadda Ake Auna Kabon a Dajin Mangurof: Daga Tef Ɗin Awo Zuwa Tan a Hekta

Idan ka ga rahoto ya ce dajin mangurof kaza yana riƙe da tan 500 ko tan 1,000 na kabon a kowace hekta, kada ka ɗauka an sare dajin an ɗora a sikeli. Abin da aka yi shi ne, mutane uku ko huɗu sun shiga taɓo da tef ɗin awo, sun auna kaurin itatuwa a 'yan ƙananan fulotai, sun ɗebo laka a bututu, sannan suka koma teburi suka yi lissafi. Tsakanin tef ɗin da alƙalumman da ke cikin rahoton akwai matakai huɗu ko biyar, kowanne da zatonsa. Wanda ya san waɗannan matakai zai iya duba adadin ya gane ko za a dogara da shi. Ra'ayina shi ne, an fi kashe lokaci kan itatuwan da ido ke gani, alhali abin da ke yanke hukunci yana ƙarƙashin ƙafa.

Mangurof itatuwa ne da ke tsirowa a bakin teku, inda ruwan gishiri ke haɗuwa da ruwan kogi, teku ta ciko ta rufe gindinsu, ta janye ta bar su tsaye cikin laka. A Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawansu, kuma mafi yawa suna Neja Delta, a jihohin Ribas da Bayelsa da Delta, su miƙe har Akwa Ibom da Kuros Riba. Wanda ya fi yawa can shi ne Rhizophora racemosa, mai saiwoyin tokara da ke fitowa daga jikin itacen su lanƙwasa su shiga taɓo. Akwai kuma Avicennia germinans, wanda saiwoyinsa na numfashi ke tsirowa sama-sama daga ƙasa. Da irin wannan daji zan yi misali.

Tsarin da aka fi bi wajen shimfiɗa fulotai shi ne wanda Boone Kauffman da Daniel Donato suka rubuta wa cibiyar CIFOR a 2012. Ana ja layi daga bakin ruwa zuwa cikin daji, a kafa fulotai shida a kansa, tsakanin kowanne da na gaba mita 25. Kowane fuloti da'ira ce, mita 7 daga tsakiya zuwa baki. Dalilin jan layin daga bakin ruwa zuwa ciki shi ne dajin ba ɗaya ba ne: a bakin rafi, inda ruwa ke wanke ƙasa kullum, itatuwa kan yi tsawo da kauri, amma can ciki, inda gishiri ke taruwa, sukan tsumbure. Wanda ya tsaya inda kwalekwale ya ajiye shi ya auna itatuwan bakin rafi kaɗai, ya auna mafi kyawun dajin ne ya ce duka haka yake. Wannan kuskure yana da sauƙin faruwa, domin tafiyar mita 100 a cikin saiwoyin Rhizophora, ƙafa na nutsewa har gwiwa, ga shi dole a fito kafin teku ta ciko, ba ƙaramin aiki ba ne.

A cikin da'irar ana auna duk itacen da faɗin gindinsa ya kai santimita 5. Ƙanana kuma ana ƙirga su a wata ƙaramar da'ira mai mita 2 a tsakiya. A daji na tudu ana auna faɗin itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin mutum. A Rhizophora wannan ba ya yiwuwa sau da yawa, domin a wannan tsayi saiwoyi ne kawai ke cakuɗe, jikin itacen yana sama. Sai a hau saiwoyin a auna kimanin santimita 30 sama da saiwar tokara ta ƙarshe. Mai awo yana tsaye kan saiwa mai santsi, hannu ɗaya ya riƙe itace, ɗayan ya zagaya da tef, ya kira lamba, wanda ke ƙasa ya maimaita ta da ƙarfi kafin ya rubuta. Wannan maimaitawa ba ɓata lokaci ba ce, za mu ga dalili.

Yanzu an samu faɗin kowane itace. Ta yaya faɗi zai zama nauyi? Nan ne ƙa'idar alometiri ke shigowa. Mahauci da ya daɗe a sana'a yana dafa sa ya zagaya shi ya ce zai ba da nama kilo kaza, kuma ba ya yin nisa da gaskiya, saboda ya yanka ɗaruruwa ya ga abin da suka bayar. Haka masu bincike suka yi: suka sare itatuwa manya da ƙanana, suka raba gindi da rassa da ganye, suka auna a ɗanye, suka busar da samfur a tanderu don sanin yawan ruwan da ke ciki, sannan suka nemo lissafin da ke haɗa faɗi da busasshen nauyi. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita a mangurof ita ce ta Akira Komiyama da abokan aikinsa, ta shekarar 2005, wadda aka gina kan itatuwa 104 daga Tailan da Indunusiya:

```
W_sama  = 0.251 × ρ × D^2.46
W_saiwa = 0.199 × ρ^0.899 × D^2.22
```

W busasshen nauyi ne da kilo, na farko na abin da ke saman ƙasa, na biyu na saiwar da ke cikin ƙasa. D faɗin gindi ne da santimita. Alamar ρ kuma dansiti ce, wato giram nawa busasshen itacen yake yi a santimita kubik ɗaya. Itacen Rhizophora mai nauyi ne ƙwarai, a misalinmu za mu ba shi 0.9. Avicennia bai kai shi ba, don haka dole a rubuta irin kowane itace tare da faɗinsa, in ba haka ba za a ba mara nauyi nauyin da ba nasa ba.

Abin da ya kamata a zuba wa ido a ƙa'idar farko shi ne lambar nan 2.46 da ke saman D. Ma'anarta, idan faɗi ya ninka biyu, nauyi ba biyu yake ninkawa ba, yana ninkawa sau biyar da rabi. Itace mai santimita 10 zai ba da kilo 65 a sama. Mai santimita 20 zai ba da kilo 358. Mai santimita 30 kuwa kilo 972, ya kusa tan guda. Daga nan ne kusan duk hatsarin awon itatuwa yake fitowa. Idan mai tef ya ƙara kashi 10 cikin ɗari a faɗi, misali ya auna kan kumburin da ke wajen saiwa, nauyi zai ƙaru da kashi 26 cikin ɗari. Idan kuma aka yi amfani da tef ɗin tela, wanda kewaye yake bayarwa, aka manta ba a raba da 3.14 ba, nauyin zai kumbura kusan sau 17. Wannan na biyun yana da saurin ganewa, domin adadin zai fito abin da babu dajin da ya taɓa kaiwa. Na farkon ne ya fi haɗari, don yana shigewa cikin rahoto ba wanda ya lura.

Bari mu bi fuloti ɗaya na misali har ƙarshe. A ce a cikin da'irar an samu itatuwan Rhizophora 17: goma sha biyu masu santimita 10, huɗu masu santimita 20, ɗaya mai santimita 30. Ƙananan goma sha biyun sun haɗa kilo 780, matsakaitan huɗun kilo 1,432, babban shi kaɗai kilo 972. Jimla kilo 3,184. Faɗin da'ira mai mita 7 murabba'in mita 154 ne, hekta kuwa murabba'in mita 10,000, don haka ana ninkawa da 65. Ya zama tan 207 na busasshen itace a hekta. Busasshen itace ba duka ne kabon ba, ƙasa da rabi kaɗan ne. Idan aka ɗauki kashi 47 cikin ɗari, an samu tan 97 na kabon a saman ƙasa. Ƙa'ida ta biyu tana ba saiwoyin kilo 30 da 140 da 344 bi da bi, jimlarsu a fulotin kilo 1,264, wato tan 82 a hekta. Kabon ɗin saiwa bai kai na gindi ba, ana ɗaukar kashi 39 cikin ɗari, sai a samu tan 32. Itatuwan gaba ɗaya, sama da ƙasa, tan 129 na kabon a hekta.

Dubi babban itacen nan. Shi kaɗai ya fi ƙanana goma sha biyu nauyi, kuma ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na fulotin. A ce yana daidai kan iyaka, mita 7 da 'yan santimita. Idan aka ce yana ciki, hekta tana da tan 207 na itace; idan aka ce yana waje, ta koma tan 144. Hukuncin da mutum ya yanke a tsaye cikin laka, ruwa na tasowa, ya ƙara ko ya rage kusan tan 30 na kabon a hekta. Shi ya sa ake ajiye doka tun kafin a shiga, cewa tsakiyar gindin ake dubawa, in ta faɗo cikin da'ira an ƙirga, in ba ta faɗo ba an bari, komai kyan itacen. Shi ya sa kuma fuloti ɗaya ba ya faɗin komai game da daji. Har fulotai shidan da ke kan layi ɗaya ma, maƙwabtan juna ne, sun yi kama, don haka a lissafin tabbaci layin gaba ɗaya ne ake ɗauka a matsayin awo ɗaya. Rahoton da ya ja layi biyar ya ce yana da awo 30 masu zaman kansu ya nuna tabbacin da ba shi da shi.

Sai batun da ya fi damun masu aiki a gaɓar Afirka ta Yamma. Ƙa'idar Komiyama daga itatuwan Asiya aka ciro ta. An sa dansiti a cikinta ne don ta yi aiki a kan kowane iri, amma siffar itace ba dansiti kaɗai ba ce. Akwai wata ƙa'ida da François Fromard da abokansa suka fitar a 1998 daga Giyana ta Faransa, a gaɓar Kudancin Amurka, inda dangin itatuwan suke iri ɗaya da na gaɓarmu:

```
W_sama = 0.1282 × D^2.6
```

Idan aka zuba itatuwan fulotinmu a cikinta, mai santimita 20 ya sauko daga kilo 358 zuwa 309, hekta kuma daga tan 97 na kabon zuwa 84. Ba a taɓa ko itace ɗaya ba, takarda kawai aka canza, tan 13 suka tafi. Akwai ta uku, ta Jérôme Chave da abokansa ta 2005, wadda ta haɗa da tsawon itace, H, da mita:

```
W_sama = 0.0509 × ρ × D^2 × H
```

Da ita, itacen nan mai santimita 20 zai yi kilo 366 idan tsawonsa mita 20 ne, amma kilo 183 kacal idan mita 10 ne. Wannan ya tona inda ƙa'ida mai faɗi kaɗai take da rauni: tana zaton itacenka yana da tsawo da rassa irin na itatuwan da aka sare aka gina ta. A dajin da masu itacen girki da masu bandar kifi suka daɗe suna sara, inda za ka ga gindi mai kauri amma an datse kansa, wannan zato ba ya tsayawa, kuma kuskuren kullum sama yake yi. Auna tsawo a cikin mangurof yana da wuya, don rassa sun rufe sama ba a ganin ƙololuwa sosai, amma ko na itatuwa 'yan kaɗan aka auna a kowane fuloti ya isa a gane ko ƙa'idar ta dace da wurin.

Kowace ƙa'ida kuma tana da iyakar girman da aka gwada ta a kai. Itace mafi kauri da Komiyama ya auna bai wuce santimita 49 ba. Idan ka ci karo da mai santimita 70, kana lissafi ne a inda babu wanda ya gwada, kuma manyan itatuwa ne suka fi yin kogo a ciki. Mai gaskiya zai nuna itatuwa nawa ne suka zarce iyakar, da kason da suka ɗauka a jimla. Kwakwar nifa, Nypa fruticans, wadda aka shigo da ita Kalaba a 1906 ta bazu a rafukan gabashin gaɓar Nijeriya, ita ba ta da gindi a sama ma balle a auna faɗinsa. Ganyenta ake ƙirgawa, a yanki wasu a busar a auna. Matattun itatuwa na tsaye da na kwance su ma ana ƙirga su da rangwame gwargwadon ruɓarsu, amma yawanci kasonsu kaɗan ne.

Duk wannan gardama a kan tan 129 ake yin ta, a ƙara goma a rage ashirin. Yanzu mu duba laka. Ƙasar mangurof tana jiƙe da ruwa kusan kullum, iska ba ta ratsa ta, don haka matattun saiwoyi da ganye ba sa ruɓewa da sauri. Suna taruwa shekara bayan shekara, laka na binne su, har a samu zurfin mita biyu, uku ko fiye. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tasowa idan aka tona taɓon alama ce ta wannan rashin iska. A binciken da Donato da abokansa suka buga a 2011, kan dazuzzuka 25 na yankin tekun Indiya da Fasifik, matsakaicin ajiyar ya kai tan 1,023 na kabon a hekta, kuma ƙasa ce ta ɗauki daga kashi 49 zuwa 98 cikin ɗari.

Awon ƙasa ba ya buƙatar alometiri. Ana danna wani bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe cikin taɓo, a murɗa, a zaro shi da laka a ciki. Sai a yanki samfur mai sanannen girma daga kowane hawa: santimita 0 zuwa 15, 15 zuwa 30, 30 zuwa 50, 50 zuwa 100, da abin da ya wuce mita guda. A ɗakin gwaji ana busar da shi a zafin digiri 60 har nauyinsa ya daina sauka. Idan samfur mai santimita kubik 50 ya bushe ya koma giram 25, dansitin ƙasar 0.5 ke nan. Sannan a nemo kason kabon da ke ciki. Lissafin mai sauƙi ne:

```
C (tan/hekta) = dansiti (g/cm³) × zurfi (cm) × %C
```

A fulotinmu, a ce mita ta farko tana da matsakaicin dansiti 0.5 da kabon kashi 8 cikin ɗari. Wannan ya ba da tan 400 a hekta, fiye da ninki uku na duk itatuwan da saiwoyinsu. Jimlar dajin ta zama tan 529. Amma a ce da aka caka sandar ƙarfe sai aka ga lakar ta kai mita 3 kafin a taɓa yashi, kuma mita biyun ƙasan suna da dansiti 0.6 da kabon kashi 5. An ƙara tan 600, jimla ta koma 1,129. Daji ɗaya, fuloti ɗaya, mai awo na farko ya ce 529, na biyu ya ce 1,129, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya ya tsaya a mita guda ne, kamar yadda jagorar IPCC ta 2013 kan ƙasashe masu dausayi ta ɗauka a matsayin ma'auni, ɗayan ya bi lakar har ƙarshe. Don haka idan aka ba ni adadin kabon na mangurof, tambayata ta farko ba wace ƙa'ida aka yi amfani da ita ba ce, zuwa wane zurfi aka tona. Kwatanta dazuzzuka biyu ba tare da wannan ba aikin banza ne.

Ƙasa ma tana da nata tarkunan, kuma da yake ita ce mai kaso mafi girma, ƙaramin kuskure a nan ya fi babban kuskure a itace tsada. Na farko matsewa: idan aka danna bututu mita guda aka zaro laka santimita 80, an cusa ta ke nan, dansitinta zai fito sama da gaskiya sai an gyara. Ana gane wannan ta hanyar kwatanta zurfin da bututun ya shiga da tsawon abin da ya fito. Na biyu shi ne hanyar gano kason kabon. Na'urar da ke ƙona samfur ta auna kabon kai tsaye ita ta fi daidai, amma tana da tsada, don haka da yawa sukan ƙona lakar a tanderu mai tsananin zafi su auna nauyin da ya ɓace. Abin da ya ɓace ba duka kabon ba ne, har da ruwan da ke ɗaure a jikin yumɓu, don haka dole a kai wasu samfura na'urar a ga yadda hanyoyin biyu suka daidaita a wannan ƙasa. Na uku ɓawon kawa da na katantanwa: suna ɗauke da kabon irin na farar ƙasa, wanda ba itatuwan ne suka tara shi ba. Idan ba a narkar da shi da asid ba, ko ba a auna shi daban aka cire ba, na'urar za ta haɗa shi cikin jimla. A dansiti 0.5, kuskuren maki ɗaya tak, a rubuta 9 maimakon 8, ya kai tan 50 a mita ta farko, ya fi ratar da ke tsakanin Komiyama da Fromard kusan sau huɗu.

Masu kasuwar kabon ba da tan na kabon suke ciniki ba, da tan na iskar CO₂ suke yi, sai a ninka da 3.67, wato 44 bisa 12. Tan 529 ɗinmu ya zama kimanin tan 1,940. A nan ne ake yawan ruɗar mutanen gari, a nuna musu wannan babban adadi kamar shi za a riƙa biya duk shekara. Abin da aka auna ajiya ce, abin da daji ya tara a ɗaruruwan shekaru, ba abin da yake ƙarawa a shekara ba. Awo ɗaya ba zai taɓa ba da saurin ƙaruwa ba. Don a san shi, sai an maƙala wa kowane itace lamba, an shafa fenti daidai inda tef ya zagaya, a dawo bayan shekara uku ko biyar a auna a kan wannan zoben, a yi amfani da ƙa'idar da aka yi amfani da ita a farko. Idan tef ya sauka santimita kaɗan ƙasa da zoben, kumburin saiwa zai shiga lissafi a matsayin girman da itacen bai yi ba. Ƙasa kuwa ba a gane ƙaruwarta ta sake tona bututu, domin bambancin rami da rami ya fi abin da ta tara a shekara biyar. Sai dai a shimfiɗa farar hoda a kan taɓo a dawo a auna kaurin lakar da ta hau kanta, ko a gano shekarun kowane hawa da sinadarin dalma mai lamba 210, wanda ke iya ƙidaya kimanin shekara ɗari baya.